Yatsu Huɗu a Hoton Umma

Yayata ba ta taɓa tako shagon hoton da nake aiki ba sai ranar da ta zo da hoton Umma. A wurinta abin da nake yi ba sana'a ba ce, zaman danne-danne ne a gaban kwamfuta, ana goge wa mutane ƙuraje ana rage musu tumbi. Shi ya sa da na ɗago na gan ta a bakin ƙofa, jaka a hammata, tana kallon wayoyin wutar da suka bi ƙasa kamar za su sare ta, na san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

Ogana ya tashi ya ba ta kujerarsa, abin da bai taɓa yi mini ba. Ta zauna a gefen kujerar, ta miƙo mini wayarta.

"Auta, wannan nake so ki gyara mini. Babba za a wanke, a sa a firem, falona zan rataye."

Na san hoton. Duk danginmu sun san shi. Umma ce a tsaye tsakiyar ɗakinta, cikin zaninta mai ganye-ganye, mayafi ya sauko har gwiwar hannu, bakin ya ɗan karkace amma dariya take yi sosai. Matar da ke zuwa gida tana gasa mata jiki ce ta ɗauka da wayarta, ta turo mana da saƙo cewa yau Umma ta miƙe. Shi ne hotonta na ƙarshe a tsaye, Allah ya jiƙanta.

Matsalar hoton waya ita ce ba ya ɓoye komai. Idon kyamarar ƙarami ne, na kusa da na nesa duk fes suke fitowa. Ga keken guragu a jingine da bango, ga bokiti, ga robar shimfiɗa an shanya a kan ƙofa, ga kwalaben magani jere a kan kanta. A bayan kafaɗarta ta hagu kuma ga yayana namiji, wanda kowa ke kira Dogo, ya karkata jiki can gefe, fuska a juye, sai ka ce wucewa yake yi aka ɗauka. Rigarsa ruwan ƙasa ce, labulen da ke bayansa ma ruwan ƙasa, dole sai ka kula kafin ka raba su.

"Irin hotunan nan nake so," Yaya ta ce, tana nuna wani da ke rataye a bangonmu. "Mutum ya fito tas, bayansa duk ya narke. Ba na son duk wanda ya shigo falona ya fara ƙirga mana bokiti da magani."

"Wannan mai sauƙi ne. Ya Dogo fa?"

"Ai a baya yake."

"In cire shi ke nan?"

Ta harare ni. "Ni na ce ki cire shi? So kike a ce na cire ɗan'uwana daga hoton uwarmu? A baya yake, ya tafi tare da bayan. Ki yi yadda duk wanda ya gani zai ce kyamara ce ta yi haka."

Na ce ko in yanke hoton daga ƙirji zuwa sama, a huta. Ta ce ko kusa. A tsaye take son Umma, daga kai har ƙafa, domin tsayuwar ita ce hoton.

Mu uku Umma ta haifa: Yaya, Ya Dogo, sai ni. Ya Dogo ne ke zaune da ita a gida, gyaran firji yake yi. Ranar da ciwon ya buge ta, an kira shi aiki da safe, ya ce mata yanzu zai dawo. Aikin ya riƙe shi. Da ya dawo da la'asar ya tarar da ita kwance a ƙofar banɗaki, ɓarin hagu ya shanye. Likita ya ce da an kawo ta da wuri da abin bai kai haka ba, kuma a gaban Yaya ya faɗa. A nan barandar asibiti, mutane na wucewa, Yaya ta ce wa Ya Dogo shi ya kashe wa Umma rabin jiki saboda firjin wani. Tun daga ranar magana ta yanke tsakaninsu. Yaya na aiki a wani gari, kullum tana kiran Umma, ita ke aiko da magani da duk abin da ake bukata, amma in shi ya ɗaga wayar sai ta ce, "Ba ta," shi ke nan. Har aka yi rasuwa aka watse ba su haɗa ido ba.

Ni ina tsakiya. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi lallashi, na gaji. Da Yaya ta kawo aikin nan raina ya ɓaci, amma ban ce ba zan yi ba. Yaya ce ta goya ni, ita ta kai ni makaranta ranar farko, kuma na san ba mugunta ce ke damunta ba. Ba ta nan ranar da Umma ta faɗi, kuma ta rasa wanda za ta ɗora wa wannan sai shi.

Da ta tafi na ja kujera. Wannan aikin na iya shi ko idona a rufe. Babbar kyamara da ke buɗe ido sosai, nisa ɗaya take kamawa. Duk abin da ke wannan nisan ya fito, abin da ya wuce shi ya fara dusashewa, kuma gwargwadon nisansa gwargwadon dusashewarsa. In za ka ƙirƙiri wannan a hoton da bai zo da shi ba, sai ka gaya wa kwamfuta nisan kowane abu. Da launi ake gaya mata. Ana yin wani hoto na daban, baƙi da fari da ruwan toka kawai, mu muna ce masa taswirar nisa. Yadda na saba saita tawa, baƙi shi ne inda ido ya kama, fari shi ne can ƙurya, ruwan toka kuma duk abin da ke tsakani. Manhajar ta duba taswirar, ta bar baƙi yadda yake, ta narkar da fari.

Yanzu manhaja na iya zana taswirar da kanta, ta hanyar hasashe. Don gudun wahala na fara da ita. Ta yi wa Umma baƙi ƙirin, ta yi wa bango fari, Ya Dogo kuma ta haɗa shi da labule ta shafa musu toka mai haske, saboda rigar da labulen sun ruɗe ta. Na ce to, kin ga har kwamfuta ta goyi bayan Yaya. Na ja ma'aunin dishi-dishi. Bokiti ya narke, kwalabe suka zama ɗigo-ɗigon haske, Ya Dogo ya koma wata doguwar inuwa a jikin labule. Daga nesa hoton ya yi kyau ƙwarai.

Sai dai abin da za a wanke babba ba a yarda da shi daga nesa. Na faɗaɗa hoton na fara bin gefen jikin Umma, domin a nan irin wannan aiki ke tona kansa: bakin mayafi, zaren da ya fito, ɗan tsakanin hannu da jiki inda bango ke leƙowa. Na biyo kafaɗar dama na sauko, na zo ƙugu, sai na tsaya.

Yatsu huɗu ne a ƙugun Umma, sun damƙe zanin da ƙarfi har ya tattare. A ƙaramin hoton waya sun ɓace cikin ganyen zanin. Manhaja ta ɗauka na Umma ne, ta bar su fes. Amma hannun Umma na dama na gaba, a ɗage, na hagu kuma na rataye yadda ciwo ya bar shi. Waɗannan yatsun dogaye ne, akwai baƙin mai a ƙarƙashin farcen, akwai tabon ƙuna a na tsakiya. Ina nan ranar da ya ƙone, muna yara, yana wasa da dutsen guga.

Na sauka ƙasa wurin ƙafafu. Ƙasan ɗakin Umma tayil ne, kuma babu abin da ke taimaka wa mai zana nisa kamar tayil, layukan da kansu suke gaya maka wa ke gaba wa ke baya. Ƙafar Umma ta hagu, mai ciwon, tana kan wani tayil mai tsaga. A kan wannan tayil ɗin dai, manne da ita, ga ƙafar Ya Dogo cikin silifas, ya tokare ta kada ta zame. Manhaja ta yi wa rabin silifas ɗin baƙi rabi toka, ta rasa inda za ta kai shi.

Ashe ba wucewa yake yi ba. Ya zagaya hannunsa na dama ta bayanta, ƙarƙashin mayafi, ya riƙe ta, sannan ya ja sauran jikinsa iya tsawonsa don ya fice daga hoton. Tsawon ne bai kai ba.

Ban san na daɗe ina kallo ba sai da Oga ya leƙo ta bayana, tabarau a kan hanci. Shi tun zamanin wanke fim a ɗaki mai duhu yake wannan sana'a, kuma bai yarda da abin da nake yi ba, yana ce masa kwalliyar ƙarya, ko da yake ita ke biyan hayar shago.

"Wannan kuma aljani ne ya riƙe ta?" ya ce. "Hannu ya fito, mai hannu ya narke?"

"Yayana ne."

Ya ƙara matsowa, ya dubi ƙafafun. "Ai tare suke tsaye. Babu gilashin kyamarar da zai kama ta ya sake shi. Kafaɗarsa da kansa za su ɗan yi laushi tunda ya karkata baya, amma iyakarta ke nan." Ya dube ni, ya ga idona. Sai ya ce bari ya je ya sayo batir, alhali akwai batir cike da durowa.

Da rana na rufe kwamfuta na tafi rumfar Ya Dogo. Na same shi a tsugune bayan wani firji, ya kwance masa ciki. Ya rame, wandon na neman ɗauri.

"Auta 'yar gata," ya ce. "An koro ki ne?"

Na nuna masa yatsun a wayata. Ya goge hannu da tsumma, ya karɓa, ya kalla, ya miƙo mini.

"Wa ya sa ki tono wannan?"

"Yaya ce ke son a wanke. Ashe kai ka riƙe ta. Ka bar mu muna ta murna muna cewa ta tsaya da ƙafarta."

"Ita ta ce in yi haka. Ta ce Yaya ba ta barci saboda ita, a ɗauke ta a tsaye a tura mata hankalinta ya kwanta. Ta ce in ɓuya. Na ce Umma, ina mutum kamar ni zai ɓuya a ɗakin nan? Shi ne take wannan dariyar."

"Bayan nan ta taɓa tsayawa ita kaɗai?"

Ya girgiza kai, ya koma ya ɗauki sukurdireba.

Na gaya masa abin da Yaya ta ce in yi, ban rage komai ba, don so nake ransa ya ɓaci. So nake ya miƙe ya yi faɗa sau ɗaya a rayuwarsa. Sai cewa ya yi, "Ki yi mata. Yatsun ma ki goge, ai kin iya."

"Haka kawai?"

"Wannan hoton kaɗai take da shi da ke sanyaya mata rai. In kin nuna mata hannuna kin ƙwace mata shi. Kuma abin da ta faɗa a asibiti ba ƙarya ta yi ba, na bar Umma na tafi."

"Aiki ka tafi, ba yawo ba."

"Na dai tafi."

Wallahi na ji kamar in ɗauki ƙofar firjin in buga masa. Mutum ya kwashe wata da watanni yana ɗaga uwarsa yana kwantarwa, yana wanke robar shimfiɗa, ya zauna yana roƙo a goge shi. Na ce masa shi da Yaya duk kansu ɗaya ne, taurin ne kawai kowa da irin nasa. Ya yi murmushi ya ce in gaishe da Oga.

Na koma shago na yi abin da su biyun suka nema. Na kwafi ganyen zanin daga wani wuri na rufe yatsun, na shafe silifas ɗin na shimfiɗa tayil a gurbinsa. Aikin ya yi tsaf, ba wanda zai ga ɗinki. Amma da na ja baya na kalli hoton gaba ɗaya, sai na ga aibun. Zanin na nan a tattare, duk layukansa sun nufi wuri ɗaya da babu komai. Jikin Umma kuwa ya jingina hagu da baya, jinginar wanda ya san akwai mai tare shi. Da aka ɗauke mai tarewar, sai ta zama tsohuwa mai dariya da ke shirin faɗuwa, ba kowa kusa da ita. Abin da Yaya ke gani a mafarki ke nan, ni kuma na zana mata shi da hannuna.

Na adana shi duk da haka, don shi ta ce in yi. Sannan na buɗe asalin hoton na fara sabo, wannan karon ba hasashen manhaja.

Na yanko su biyun tare, na ɗora su a falle na sama. A fallen ƙasa na cike ramin da suka bari da labule da bango da tayil, domin in ka narkar da baya alhali mutum na ciki, launinsa zai malalo waje ya yi masa wani kambu a gefe, duk mai ido ya gane. Sai taswira. Da ƙasan ɗaki na fara: na ja rini daga layin tayil ɗin da ƙafafunsu suke kai, baƙi a nan, yana washewa a hankali har ya kai gindin bango. Tayil ɗin da ke gabansu, kusa da mai ɗauka, su ma na ɗan sassauta su, don ainihin kyamara gaba da baya take saki. Kowane kaya na ba shi launin wurin da ya taɓa ƙasa: bokiti toka mai duhu, keken guragu ya fi shi haske, kanta da kwalabe da labule fari. Su biyun ma na yi musu tasu. Umma baƙi. Yatsun baƙi, silifas baƙi. Daga nan na bi jikinsa da buroshi mai laushi, ƙugu baƙi-baƙi, kafaɗa ta ɗan washe, kai ya fi kafaɗa kaɗan. Ban taɓa zama na auna nisan yayana gaɓa-gaɓa ba sai ranar, kuma duk inda na auna kusa yake.

Na sa irin dishi-dishin da ke kwaikwayon gilashin kyamara, ba shafe na kawai ba, hasken kwalaben ya zama 'yan ƙawanya. Na mayar wa bayan ɗan tsaki-tsakin nan na hoto da narkewa ta cinye, don kada ya yi sulɓi su kuma su zama kamar an manna su. Na duba inuwar ƙarƙashin ƙafafunsu, tana nan.

Abin da ya fito ban zata ba. A da, tarkacen ɗakin ne ke ɓoye Ya Dogo, ido na tsalle daga bokiti zuwa magani, rigarsa na shigewa cikin labule. Yanzu da ɗakin ya narke, mutum biyu kawai suka rage a hoton.

Yaya ta dawo washegari da hantsi. Oga ya sake ba ta kujera, ya sake tafiya sayen batir. Na buɗe mata na farko.

"Ga abin da kika ce."

Ta gyara tabarau ta matso. Da farko ta yi murmushi, don bokiti ya tafi, Dogo ya zama inuwa. Sai murmushin ya fara ja baya.

"Me ya sa ta karkace haka? Kamar za ta faɗi. Me kika taɓa?"

"Jikinta ban taɓa ba. Haka take a asali."

"A asali ba haka take ba. Kullum ina kallon hoton nan."

"Abu biyu kawai na cire, Yaya."

Na buɗe asalin, na faɗaɗa ƙugun. Sannan na sauka wurin ƙafafu. Ban yi bayani ba, ita ma ta san tabon. Ita ce ta shafa masa man goge baki a kai ranar, Umma ta zo ta haɗa su ta yi musu faɗa.

Yaya ta ƙura wa tabon ido. Da ta yi magana muryar ta yi ƙasa.

"Ba ta tsaya ba ke nan."

"Ta tsaya. Da shi."

"Ce mini ta yi da ƙafarta ta tsaya. A waya, da bakinta. Ranar har sadaka na yi." Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. "Ke ma kin sani?"

"Jiya na sani. Ita ta ce ya ɓuya, don ki samu ki yi barci."

"Shi ya gaya miki?"

"Sai da na je na titsiye shi. Cewa ya yi in goge yatsun, kada in ɓata miki hoto."

Nan ta juyo kaina, kuma na gode Allah, don faɗan Yaya ya fi shirunta sauƙi. Ta ce wa ya aike ni. Ta ce abu ɗaya ta roƙe ni a duniya, ɗan ƙaramin abu, na kasa yi sai da na yi iyayi. Ta ce ni tun ina yarinya haka nake, ba a ba ni abu in bar shi yadda yake. Tana faɗa hawaye na zuba, ba ta share ba. Na bar ta ta gama, tausayinta ya cika ni, domin na san abin da na karɓe mata ba ƙarami ba ne.

"Na farkon na nan," na ce. "In shi kike so, yau za a wanke, kuma ba wanda zai ji daga bakina. Amma akwai wani, ki gani tukuna."

Na buɗe na biyun ya cika allon.

Ta mayar da tabarau. Ta kalli Umma, ta kalli yatsun, ta bi inda hannun ya ɓace ƙarƙashin mayafi ya ɓullo a kafaɗarsa. Ta kai yatsa za ta taɓa allon, abin da na hana kowa yi, na ƙyale ta.

"Ya rame a nan," ta ce.

"Yanzu ya fi haka."

"Wannan rigar ni na saya masa. Tun yaushe, har yanzu yana sa ta." Ta ja hanci. "Dubi yadda ya wani miƙe kamar sandar rake. Wa ya ce masa haka ake ɓuya?"

"Abin da ya ce wa Umma ke nan. Shi ne take dariya."

Yaya ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. Ta ciro hankici ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na tashi na juya allon ƙofa zuwa "an rufe", na dawo na zauna kusa da ita. Wani ya ƙwanƙwasa yana son fasfo, na yi masa alama ya dawo anjima.

Da ta natsu ta sake duban hoton, wannan karon da idonta na mai ba da umarni.

"Fuskarsa ta yi laushi. Ki ƙara fito da ita."

Na duhunta kansa a taswira, laushin ya tafi. Kunne ya fito, gefen gemu ya fito, da wata jijiya a wuyansa da ta miƙe saboda nauyi.

"Ba haka ba. Fuskar nake son gani."

"Yaya, dishi-dishin ni na sa, shi zan iya cirewa. Fuskar shi ya juyar da ita, kyamara ba ta ɗauka ba. Babu ita a cikin hoton."

"Duk iyawar taki?"

"Zan iya ƙirƙiro wata in manna, amma ba tasa ba ce."

Ta kalli ƙeyar ƙaninta. Sannan ta ce a wanke wannan ɗin, guda uku, girma ɗaya. Ta ɗauki jakarta ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya tana gyara mayafi da bai kwance ba.

"Rumfar tasa," ta ce, ba ta juyo ba, "har yanzu tana inda take?"

Na ce tana nan, amma an canja hanya, sai an zagaya ta bayan gidan mai.

"To kashe wannan abin naki ki zo ki nuna mini."